Samfurin ya ji saƙon da kansa, kada a sa masa tafinta

Tambaya: Malam, ina Nima a Accra, na haɗa wa wata ƙungiyar masu susu, wato adashi, manhaja a WhatsApp mai amsa tambayoyi kan zubi da momo, wato tura kuɗi ta waya. Mutanenmu suna cakuɗa Hausa da Turanci, ita kuma sai ta koma Turanci zalla, in kuwa ta yi Hausar babu mai gane ta. Wani da muka biya ya ce a fassara kowane saƙo zuwa Turanci, samfurin AI da ke cikin manhajar ya amsa, a mayar da amsar Hausa. Mun yi haka, ga shi har ta ce wa wata mata ta sake tura kuɗin da sun riga sun fita. Ina tsoron asarar dukiyar mutane.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka cire injin fassarar nan yau ɗin nan, kuma duk saƙon da ya shafi kuɗin da suka maƙale a miƙa shi ga mutum har sai ka gama gyara.

Wannan shawara ta fassara gaba da baya ta zama annoba. Masu sayar da ita sun fi son ta ne don ana haɗa ta cikin yini guda, kuma tana burgewa ranar nuni, saboda da jimla mai tsabta irin ta labaran rediyo suke gwada ta. Babu mai rubuta irin wannan Hausa a Nima ko Maamobi. Ga irin abin da ke shigowa:

```
Chale na yi sending 200 cedis tun jiya be shiga ba, agent ya ce in sake, kudi na kuma ya fita already
```

Bi saƙon nan tasha-tasha. Tasha ta farko galibi mai gane harshe ce. Idan `langdetect` aka sa, harsuna 55 ya sani kuma babu Hausa a ciki, haka ma `lid.176` na fastText bai san Hausa ba. Dole ya zaɓi wani abu, sai ya ce Turanci ne, ko Somaliyanci, ko Suwahili. Ka duba abin da ya laƙaba wa saƙonnin makon jiya, da wuya in ba daga nan ne komawa Turanci zalla ta samo asali ba.

Tasha ta biyu ita ce fassarar. Ko NLLB-200 da Meta ta fitar a 2022, wanda ya san Hausa da lambar `hau_Latn`, sai an gaya masa harshe ɗaya na shiga, saƙon nan kuwa biyu ne a haɗe, kuma daidaitacciyar Hausa ya fi gani wajen horo. Irin wannan korewa a Hausa gida biyu take zama, bai a gaba, ba a baya. Mutumin Zango ya rubuta `be`, wadda ta yi daidai da wata kalmar Turanci harafi da harafi, haka ma `in` da `sake`. Da zarar injin ya ɗauki `be` a matsayin Turanci, ba ɗin ƙarshe ta zama marainiya, ana iya yar da ita. Kuɗin da ba su shiga ba sun koma sun shiga, ko kuma maganar cewa sun riga sun fita ta narke, abin da ya rage shi ne wakili ya ce a sake. Samfurin bai taɓa ganin saƙon asali ba, don haka zai amsa tambayar da ba a yi ba, cikin natsuwa da ladabi. A nan haɗarin yake, don babu alamar kuskure da za ta fito a allo, sai dai kukan mai kuɗi daga baya.

Wajen dawowa ma akwai ɓarna. Turanci ba ya bambanta kai da ke, sai injin ya yi ta kiran hajiya da kai. Kalmomin da mutane suka saba gani a wayarsu kuma ya juye su zuwa wata Hausar ƙamus da ba a taɓa ji a Accra ba. Kamar ka aiki yaron da bai ji saƙo ba ne, shi kuma ya aiki wani. In wani ya ce maka tsarinsa na fassara ba ya haka, ka miƙa masa saƙonni 50 na gaske, ka zauna kusa da shi ku karanta abin da ke fitowa a tsakiya. Kada ka yarda da makin da ya samu a FLORES, wato tarin jimlolin da ake gwada injinan fassara da su, jimlolinsa daga Turanci aka fassaro su, babu cakuɗe a ciki.

To me za a yi? A ba samfurin saƙon yadda aka rubuta shi, kada a wanke komai. Duba ma ko akwai irin wannan layi a wajen tsaftace rubutu:

```python
"kuɗi ƙasa".encode("ascii", "ignore")
# b'kui asa'
```

Ba lanƙwasar kaɗai yake cirewa ba, harafin gaba ɗaya yake haɗiyewa.

Sannan a rubuta wa samfurin ƙa'idar zaɓen harshe a cikin umarninsa, a fili. Ba yawan kalmomi ake ƙirgawa ba, ƙashin jimlar ake dubawa. Idan ƙananan kalmomin da ke riƙe da ita na Hausa ne, irin su na yi, ya ce, zan, tun, ba, to da Hausa za a amsa ko da rabin sunayen Turanci ne. Kalmar da mutum ya gani a allon wayarsa, kamar `transaction ID` ko `PIN`, a bar ta yadda take. A kira kowa da ku, tunda Hausar Gana ba ta cika raba namiji da mace ba, `agent ya ce` na iya zama mace ce. Umarni kaɗai ba ya isa, a haɗa da misalai 8 zuwa 10 na saƙo da amsarsa, waɗanda ɗan unguwa ya rubuta da hannunsa. Amsar saƙon can na sama ta fara da "kada ku sake turawa", sannan ta nemi lambar cinikin da lokacin da aka tura.

Kafin ka taɓa batun ƙarin horo, ware saƙonni kamar 300 na gwaji da ba za su taɓa shiga horo ba: Hausa zalla, cakuɗe, marasa lanƙwasa, da masu korewa da yawa. Mutum biyu masu jin Hausar Zango su duba kowace amsa, ko ta gane abin da aka tambaya, ko da harshen da ya dace ta amsa, ko adadin kuɗin ya fito daidai. Alamar samfurin da Hausarsa ba ta kai ba ita ce ya fara lafiya, jimla ta uku ya zame zuwa Turanci ko ya shiga maimaita kansa. In ka ga haka a wurare da yawa, sauya samfuri ya fi sauƙi da arha.

In har sai an yi horon, LoRA, wato hanya mai sauƙi ta ƙara wa samfuri horo, da saƙo da amsa 2,000 zuwa 3,000 masu kyau mafari ne mai ma'ana. Kowane saƙo a yi masa kwafi biyu, mai lanƙwasa da maras ita, amma amsa kullum da cikakken rubutu, don samfurin ya koyi raba "na kasa biya" da "ƙasa" ta mahallin magana. Kada ka cika rumbun da amsoshin Turanci da inji ya fassara, cutar ɗazu ce za ka dasa a cikin samfurin kansa, inda cire ta ya fi wuya. Saƙonnin nan kuma amanar mutane ce, akwai lambobin waya da sunaye da kuɗin zubi a ciki. Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012, mai lamba 843, ta hau kanka. Ka nemi izinin 'yan ƙungiyar, ka goge sunaye da lambobi kafin ko saƙo ɗaya ya isa hannun masu dubawa.