"An manta": wa ya manta?

Tambaya daga wata akanta a Tawa: "Malam, shugaban sashenmu ya rubuto imel ga mu takwas, ya ce: 'An manta ba a biya mai kawo gazuwal jika 40 ɗinsa ba, za a gyara.' Shi ne bai sa hannu ba. Wannan kara ce ko zamewa?"

Malama, zamewa ce, kuma ga yadda na gane.

Hausa na da hawa uku na faɗin ɓarna. "Na ɓatar da takardar" ya nuna mai yi. "An ɓatar da takardar" ya yarda akwai mai yi, sai dai ya lulluɓe shi. "Takardar ta ɓace" kuwa ya share mai yin gaba ɗaya, kamar takardar ce ta yi ƙafa. Haka "na fasa tulu", "an fasa tulu", "tulu ya fashe".

Ita "an" ba abar zargi ba ce. Da ita muke gaida surukai da manya: "An tashi lafiya?", "An zo lafiya?", don kada mu ce "ka" gatsau. Abin dubawa shi ne wa take rufa wa asiri. Da a ce wani yaro sabon ɗauka ne ya manta, shugaba ya rubuta "an manta" alhali mutum takwas na karantawa, sannan ya kira shi biro su biyu ya nuna masa, to wannan kara ce, hannunka mai sanda ne. Yaron ya ji, bai kunyata ba. Amma wanda ya yi laifin da kansa, in ya ce "an", mayafin da aka saƙa don wani ya ja ya rufe kansa. A imel ɗinku abin ya fi muni, domin duk wanda ya ga maganar biyan kuɗi, akanta zai fara kallo. Laifin bai ɓace ba, kanki ya sauka.

Rabin jimlar na biyu ya fi damuna. "An" ta abin da ya wuce tana iya zama rufin asiri, amma "za a gyara" ba ta kare mutuncin kowa, aikin kawai take bari ba mai shi. Kowa cikinku zai zaci ɗan'uwansa ne zai yi, mai gazuwal kuma ya dawo ranar Litinin ya tarar da abin yadda ya bari.

Kada ki mayar da amsa da "kai ne ba ka sa hannu ba". Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ba a gaban jama'a ake faɗa wa babba ba. Rubuta masa haka: "Ranka ya daɗe, takardar biyan tana jiran sa hannu tun Talata. Zan kawo ta teburinka gobe da ƙarfe 9, in an sa hannu ni zan biya kafin azahar." Kin bar masa "an" a gurbinsa, kin sa "ni" a naki.