Wasiƙar neman ragi daga dila a kan babban sari

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi, kuma ina so in sari katan 500 na sabulun wanki daga wani dila a Kasuwar Singa da ke Kano. Yaya zan rubuta masa wasiƙar neman ragi ba tare da ya ga kamar na raina kayansa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, yawan kaya kaɗai ba ya sa dila ya sauko da farashi, domin ribarsa a kan kowane katan ba ta da kauri. Abin da ke motsa shi shi ne ya ga wahalar da za ka ɗauke masa, musamman jiran kuɗi. Saboda haka ka gina wasiƙar a kan abin da za ka bayar, kuma ka faɗi farashin da kake nema da lamba, don wanda ya rubuta "a yi mini sauƙi" kawai ya bar wa dila ya yanke abin da ya ga dama.

A ce ya ba ka katan a kan naira 12,000, kai kuma kana neman 11,400, wato ragin kashi 5 cikin 100. Bayan sallama da gaisuwa, sai ka rubuta: "Alhaji, na gode da farashin da aka ba ni. Ina buƙatar katan 500, kuma ina roƙon a bar mini kowane katan a kan naira 11,400, jimla naira miliyan 5 da dubu 700. Idan an amince, zan tura kuɗin gaba ɗaya ta banki kafin a yi lodi. Ina fatan samun amsa a rubuce kafin ranar Alhamis." Kada ka kushe kayan, kuma kada ka ambaci farashin wani dila sai idan da gaske an ba ka shi, domin 'yan kasuwa ɗaya sun san farashin juna.

Inda aka fi yin asara shi ne sharuɗɗan da ba a rubuta ba. Ragin da ka nema naira 300,000 ne, amma idan a farashin farko dila ne zai kawo maka kayan, yanzu kuma ya amince da ragin bisa sharaɗin ka ɗauka da kanka, to kuɗin mota da na 'yan dako, a ce naira 200,000, sun cinye kashi biyu cikin uku na abin da ka samu. Don haka ka nemi ya aiko maka da takardar farashi mai ɗauke da sunan sabulun, da nauyin kowane guda, da adadin da ke cikin katan, da wanda zai biya kuɗin mota, da ranar da farashin zai daina aiki. Kada ka tura kuɗi sai ta iso hannunka, kuma sunan da ke kan asusun bankin ya yi daidai da wanda ke kanta.