Selfi na kumbura min hanci

Tambaya: "Don Allah jama'a, duk selfin da na ɗauka sai hancina ya fito ƙato, fuskata ta yi tsawo, alhali a madubi ba haka nake ba. Wayar ce ko ni ce? Ya ake gyarawa?"

Wayyo 'yar uwa, kamar ni kika gani kika rubuta. Na taɓa tura selfi a zaurenmu na dangi, wata 'yar uwata ta zagaye hancina da jan layi ta sake turawa, kowa na dariya. Kwana biyu ina tsayawa gaban madubi ina matse hanci. Har yau ba ta ba ni haƙuri ba, wai ai wasa ne. Wasa! Na daina gaishe ta kusan wata guda.

Hancinki lafiyarsa ƙalau, kusanci ne matsalar. Kyamarar gaba mai faɗin gani ce, shi ya sa muke kawo wayar dab da fuska don mu cika hoton. To ki lissafa: in wayar na santimita 30 daga kan hancinki, kunnuwanki na wajen santimita 42. Abin da ya fi kusa shi ke fitowa babba, sai hanci ya taso, kunnuwa su lafe, gefen fuska ya tsuke. In kika koma santimita 150, kunnuwa na 162, bambancin bai kai a lura da shi ba. Wani likita, Boris Paskhover, da abokan aikinsa sun lissafa abin a 2018, suka ga a santimita 30 hanci na ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Da na san wannan tun farko da ban yi kuka ba.

Yanzu jingine wayar nake yi daidai tsayin idona, in sa ƙirgen daƙiƙa 10, in ja baya taku biyu. Kyamarar baya nake amfani da ita, in danna 2x, ko in ɗauka daga nesa in yanke gefe daga baya. Kuma ki bar fuskarki a tsakiya, don gefen hoto shi ke jan goshi da haɓa. Wancan hoton nawa a can kusurwa nake, ga shi na ɗaga wayar sama, goshi ya zama fili.

Tsofaffin hotuna kuwa, ki buɗe manhajar gyaran hoto ta Snapseed, ki shiga Head Pose, ki ja Focal Length a hankali. Kaɗan fa. In kika ga ƙofa ko bangon bayanki ya fara lanƙwashewa, kin zarce. Ba zai dawo da kunnen da kyamara ba ta gani ba, don haka wasu hotunan sai dai a sake. Nawa dai na goge shi, amma 'yar uwar tawa na san tana nan da shi a wayarta.