Babur na cika caji amma ba ya nisa: a sauya batir ko allo?

Tambaya: Na saro babura masu lantarki goma daga Sin, biyar sun dawo mini. Suna cika caji, amma da kyar suke yin kilomita 15, alhali an ce 40. Ƙanina ya ce matsalar daga allon BMS ne, wato allon da ke kula da cajin batir, in sauya duka. In biya?

Alhaji, kada ka fitar da ko sisi tukuna, domin ƙaninka bai auna komai ba, kai ma da alama ba ka auna ba ranar da ka karɓi kayan. Koriyar fitilar caja ba shaida ba ce cewa batir ya cika. Abin da take nunawa shi ne wuta ta daina shiga.

Batirin litiyam mai lamba 48V rukuni 13 ne na ƙwayoyi a jere, kowanne yana cika a 4.2V, jimilla 54.6V. Aikin allon shi ne ya yanke caji da zarar rukuni ɗaya ya cika, ya kuma kashe babur da zarar ɗaya ya faɗi zuwa wajen 2.8V. Saboda haka rukuni guda mai rauni ya isa ya tsayar da babur alhali sauran na da caji. A irin wannan hali allon lafiyarsa ƙalau, kuma sabo ma haka zai yi.

Ka sa mai gyara ya cika cajin, ya auna kowane rukuni da mita a gabanka, ka rubuta tare da lambar kowane babur. Idan sha biyu sun nuna 4.18V, ɗaya 3.7V, a cika wannan ɗayan shi kaɗai, a ajiye batirin kwana biyu zuwa uku. In ya sake zubewa da allon a haɗe amma ya riƙe bayan an zare wayoyin, allon ne ke tsotse shi, gyara ne mai sauƙi. In ya zube ko da an zare, ƙwayoyin ne suka lalace. In kuwa duk rukunan daidai suke kuma nisan bai ƙaru ba, to ko batirin ya tsufa, ko an zuba maka ƙarya a lambar da ke jikinsa, kuma batir kan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin babur.

Na san wani ɗan kasuwa da mai gyara ya tsallake masa allon ya haɗa waya kai tsaye. Nisa ya ɗan ƙaru, ya yi ta murna, daga baya batirin ya kama da wuta yana kan caji a shago. Duk wanda ya kawo maka wannan dabara, ka sallame shi.

Ka dakatar da sayar da ragowar har sai an auna su, sannan ka tura wa wanda ya sayar maka hoton kowane awo kafin ka ƙara masa oda, domin ƙorafin baki ba ya dawo da kuɗi daga Sin.