Kuskure, matsala ko laifi: amsoshin tambayoyin masu gina manhaja

Malam, muna da kanti mai manhajar waya da shafin intanet, sabar ɗaya ke ciyar da su. In abu ya ƙi, "An samu kuskure" za mu rubuta ko "An samu matsala"?

Kada ku rubuta ko ɗaya tukuna, sai kun san wa ya yi, kuma me ya kamata mai saye ya yi yanzu. Kuskure abu ne da mutum ya yi ba da niyya ba, kuma yana iya gyarawa da hannunsa. Matsala tana iya faɗowa ba sa hannun kowa. Laifi kuwa yana ɗauke da zargi, ba shi da wuri a saƙon da ake nuna wa mai ciniki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda "matsala" ta cinye sauran kalmomi a bakin mutane. Kuɗi bai isa ba, matsala. Kaya ya ƙare, matsala. Mutum ya manta lamba ɗaya a lambar wayarsa, ita ma matsala. Wanda ya karanta haka bai san ko ya gyara rubutunsa, ko ya jira, ko ya haƙura ba.

Lambobin HTTP sun riga sun yi wannan rabo. Jerin 400 na nufin gyaran yana wajen mai buƙata, jerin 500 na nufin sabar ce ta gaza. Lambar waya ta zo da gibi, a mayar da 422, a ce "Lambar wayar ba ta cika ba". Wannan kuskure ne. Rumbun bayanai ya tsaya, a mayar da 503, a ce "An samu matsala daga wajenmu, a sake gwadawa an jima". Nan kalmar ta zauna a gurbinta. Sai 401 da 403, da ake yawan gwamutsawa: na farko sabar ba ta san mai magana ba, sai ya sake shiga, na biyu ta san shi sarai, izini ne ba shi da shi. In kuka mayar da 401 a wurin 403, manhaja za ta riƙa korar mutum zuwa shafin shiga, ya shiga, ta sake korarsa.

Haka "babu" da "bai isa ba" ba ɗaya ba ne. A ce mai saye ya nemi buhun shinkafa 5, a sito saura 2. Kayan yana nan a kanti, don haka 404 ƙarya ce. Abin da ya nema ne ya ci karo da halin da ake ciki, wato 409:

```json
{
  "type": "/kurakurai/kaya-bai-isa",
  "title": "Kayan bai isa ba",
  "status": 409,
  "detail": "An nemi buhu 5, saura 2.",
  "saura": 2
}
```

Wannan siga ta ƙa'idar RFC 9457 ce ta shekarar 2023, ana tura ta da `application/problem+json`. Ku lura amsar tana magana da masu sauraro biyu. `type` na na'ura ne, ba ya sauyawa har abada. `detail` na mutum ne, ana iya gyara Hausarsa gobe, ko a mayar da shi Faransanci ga wanda ya turo `Accept-Language: fr`. Manhajar da ke lalube cikin `detail` tana neman kalmar "saura" don ta yanke hukunci za ta karye ranar da aka goge jimlar. Ta dubi `type`, ta ɗauki adadin daga `saura`, ta tambayi mai saye ko ya ɗauki biyun. Shafin intanet kuma ya rage adadin a kwandonsa. Amsa ɗaya ta ishe su duka.

Mafi muni shi ne sabar ta mayar da 200, sannan ta ɓoye gazawar a cikin jikin amsa. Alamarsa: na'urar sa ido tana nuna komai lafiya lau, masu saye kuma suna ta kira. Kada kuma a zubo wa mutane rubutun kuskuren rumbun bayanai a 500. A ba su lambar buƙata su karanto muku, ku nemi sauran a rajistarku.

"Ba ka da izini" ko "Ba ki da izini"?

Sabar ba ta san namiji ba ta san mace ba. A yi amfani da "a": "A sake shiga", "Babu izinin ganin wannan". In dole sai wakilin suna, "ku" ya wadatar, ga ladabi.

Malam, mun sa wa adireshinmu `/kawoOdoji` da `/gogeOda`. Abokin aikina ya ce ba daidai ba ne.

Da gaskiyarsa. A tsarin REST adireshi suna ne, aikatau kuwa yana cikin hanyar buƙata, wato GET, POST da ire-irensu. Kun maimaita aikatau inda ba a nema ba.

```
GET    /v1/odoji?shafi=2
POST   /v1/odoji
GET    /v1/odoji/81
PATCH  /v1/odoji/81
DELETE /v1/odoji/81
```

Ku tsaya kan jam'i ko'ina, kada yau `/oda` gobe `/odoji`. POST da ya yi nasara ya mayar da 201 tare da sabuwar odar, DELETE kuma 204. Kada GET ya taɓa sauya komai, domin burauza tana iya maimaita shi ba ta tambayi kowa ba. Kuma kada ku buɗe `/waya/odoji` dabam da `/shafi/odoji`. Ba za a jima ba gyaran da aka yi wa ɗaya zai tsallake ɗayan.

Haruffa masu lanƙwasa, duk da ina faɗa da masu zubar da su a rubutu, a adireshi na yarda a bar su. Harafin ƙ yana komawa `%C6%99` a kan hanya, mai duba rajista ya sha wuya. Amma a `title` da `detail` ba uzuri: UTF-8 na ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, kuma "ƙasa" ba "kasa" ba ce.

Na ce zan sauya sunan wani fili a amsar sabar, aka hana ni. Ba Hausawa ne suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya ba?

Sun faɗa, amma karin maganar ta ɗauka mai rawa yana jin gangar. Shafin intanet yana ji: kun ɗora sabo yau, kowa ya samu yau. Manhajar da ke wayar wanda ke tattalin datarsa, bai sabunta ba tun bara, tsohon kiɗa take bi. Ka mayar da `farashi` ya zama `kudi`, ita `farashi` za ta nema, ta rasa, ta nuna sifili ko ta rufe kanta. Ƙara sabon fili ba ya cutarwa muddin an gina manhaja ta ƙyale abin da ba ta sani ba. Cire fili, ko sauya sunansa, ko mayar da lamba ta zama rubutu, shi ke buƙatar `/v2`, a bar `/v1` yana aiki har rajista ta nuna masu kiransa sun ƙare. Sabon `type` na kuskure ma haka: tsohuwar manhaja da ba ta san shi ba ta koma ga `status`, ta nuna `detail`.

Sabis ya yanke bayan an danna "Biya". Mu rubuta "Ba a biya ba"?

A'a, ba ku sani ba, wataƙila kuɗin ya fita amsar ce ta ɓace a hanya. Ku rubuta "Ba mu tabbatar ba tukuna". Manhaja ta sake turawa da `Idempotency-Key` ɗin da ta tura da farko, wato lambar shaidar wannan biyan, sabar ta gane shi ta mayar da amsar farko, kada a cire kuɗi sau biyu.