Hular kwano: ta yaya za ka san daidai kanka ce?

Tambaya daga Jega: Likita barka da aiki, ni ɗan kabu-kabu ne, hular zanna lamba 23 nake sawa, na je sayen hular kwano mai shago ya ce su babu 23 sai M da L da XL, wacce zan ɗauka?

Malam wannan 23 ɗin inci ne, su kuma masu ƙera hular kwano yawanci da santimita suke aiki, sai ka ninka da 2.54 ya ba ka santimita 58 da ɗan ɗoriya. Amma kar ka tafi kasuwa da lambar zanna kawai, domin zanna wani a saman kai yake ɗora ta, wani ya karkata ta, ita kuwa hular kwano wurin zamanta ɗaya ne. Ka tsaya wajen tela ya ara maka tef ɗin awo, ka cire hula, a ɗora tef ɗin a goshi kamar santimita 2 sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa ya zagaya ta wurin da ƙeya ta fi tudu. Kar a ja shi har ya nutse a fata, kar kuma ya yi sako-sako. A auna sau biyu ko uku a riƙe wanda ya fi girma. In babu tef, zare ma ya yi, daga baya ka shimfiɗa shi a kan rula.

A yawancin hulunan babur S na 55 zuwa 56 ne, M na 57 zuwa 58, L na 59 zuwa 60, XL kuma 61 zuwa 62, sai dai kamfani da kamfani akwai bambanci, don haka ka leƙa cikin hular ko bayanta ka karanta lambar santimitar da aka rubuta, ita ce abin dogaro ba harafin ba. In awon ya sake ba ka 58 da ɗoriya ka ga ka faɗa tsakanin M da L kenan, to ni shawarata ka fara gwada M, saboda soson da ke ciki yana laushi bayan an ɗan jima ana sawa, wadda ta yi maka daɗi sosai ranar da ka saya nan gaba rawa za ta riƙa yi.

Kar ka biya kuɗi sai ka gwada a nan cikin shagon ko da mai shago zai ɓata rai. Sabuwar hula mai kyau sai ka ɗan ja igiyoyinta gefe da gefe kafin kai ya shiga, in ta zurma da kanta ba ko gardama ta yi yawa. Ka ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai zai shiga tsakaninta da fata. Daga nan ka riƙe hular da hannu biyu, kai yana tsaye, ka juya ta hagu da dama, abin da ake so shi ne fatar goshi da kumatu su bi ta, in hular ce ke zamewa fata na zaune to babu riƙo. Ka gwada cusa yatsa tsakanin goshi da soso, bai kamata ya shiga da sauƙi ba. Na ƙarshe kuma wanda ya fi muhimmanci a wurina, ka sunkuyar da kai ka kama gefen hular ta ƙeya ka ja ta sama zuwa gaba da ƙarfi kamar za ka tuɓe ta, in ta fita ko ta rufe maka ido alhali igiya na ɗaure, to haka za ta fita lokacin da mutum ya tashi sama daga kan mashin tun kafin kai ya taɓa kwalta. Wallahi muna ganin irin wannan a ɗakin haɗari, a kawo mutum da rauni a kai, wanda ya kawo shi yana riƙe da hularsa lafiya lau ko ƙwarzane babu.

Tambaya daga Argungu: Tawa tana kama ni sosai amma in na yi tafiya kaɗan sai goshina ya yi ta ciwo har da jan tabo, ƙarama ce ko zan saba?

Ba lallai ƙarama ce ba. Matsewar da ta zagaye kai ko'ina daidai, da kumatu da suka ɗan turo, wannan shi ake nema kuma yana sassautawa. Amma ciwo a wuri ɗaya tak alama ce ta siffar hular ba ta dace da siffar kanka ba, wani kansa dogo ne daga goshi zuwa ƙeya wani kuma zagayayye ne, awo ɗaya amma hula ɗaya ba za ta yi musu ba. Mai dogon kai in ya sa zagayayyiya sai ta danne goshi ta bar fili a gefe. In ka ce za ka ƙara girma ciwon zai tafi amma ta fara rawa, ka canza irin hular ne a kan wannan awon. Kuma don Allah kar ka sa wuƙa ka ɗebe farin soson nan mai tauri da ke can ciki, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙwaƙwalwa. In za ka sayi wata ka bar ta a kanka kamar minti 15 zuwa 20 kafin ka yanke shawara, sannan in akwai hular zanna ko ta sanyi a ƙarƙashinta ka cire, ita ma tana kawo irin wannan ciwon.

Tambaya daga Birnin Kebbi: Yarona ɗan shekara 8 yana zuwa islamiyya a keke, in saya masa babba ya girma da ita?

A'a Hajiya, wannan ba kayan sallah ba ne da ake ɗinkawa da ƙari. Ki auna kansa yadda na bayyana a sama. Sauƙin da ke cikin hular keke shi ne kowace tana ɗaukar awo da ɗan faɗi, za ki ga an rubuta misali 52 zuwa 56, kuma da yawansu akwai wani ɗan abin murzawa a ƙeya da ke matse ta ko sassauta ta, saboda haka in kansa 53 ne wannan za ta raka shi na wani lokaci.

Ki sa masa ita a miƙe, faɗin yatsu biyu kawai tsakanin gira da bakin hular, yara suna son ture ta baya goshi ya fito fili, kuma goshin ne ke yawan fara isa ƙasa. Ki murza na ƙeyar har ya zama in ya girgiza kai ba ta motsi tun kafin a ɗaure igiya. Igiyoyin gefe biyu su haɗu daidai ƙarƙashin kunne, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Bayan kin ɗaure ki ce ya buɗe baki sosai kamar zai yi hamma, in ya ji hular ta ɗan danno kansa igiyar ta yi, in bai ji komai ba ki ƙara ja. Ki riƙa sake dubawa duk bayan 'yan watanni da kuma bayan aski in yana tara suma. Amma fa ta keke ce kawai, ranar da babansa zai goya shi a mashin ba za ta wadatar ba, sai ta babur daidai awonsa.