Fashi, uzuri, hanzari: wace kalma za a sa a takardar Madam?

Wata mai karatu daga unguwar Garin Malam a Damagaram ta rubuto ta ce: "Malam, ƴata ta fari tana aji huɗu a lakwal. Masassara ta kwantar da ita tun ran Litinin har Alhamis. Ina son in rubuta wa Madam ɗinsu takarda. Ita Bazabarmiya ce, daga yamma aka turo ta, tana jin Hausa amma ba sosai ba. Ni kuwa Hausa kaɗai na iya rubutawa. Maƙwabciyata ta ce kada in sa 'ta yi fashi', wai fashi na ɓarayi ne. To uzuri zan ce ko hanzari? Maigidana kuma ya ce in bar wahala, zuwa da kai ya fi saƙo."

Malama, sannu da jinya, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, sai dai kalmomi biyu ta haɗa wuri guda. Akwai fasa mai gajeren wasali a gaɓar farko, wato fasa tulu ko fasa ƙwai. Daga nan aka samu fashin da ƴan fashi ke yi a kan hanya, da fashin baƙi da malamai ke yi wa karatu. Akwai kuma fasa da ake jan gaɓar farko, kamar a ce an fasa tafiya ko an fasa aure. Wannan ita ta haifi fashin makaranta, wato ranar da aka saba zuwa ba a zo ba. A baki ba mai rikita su. Rubutun boko ne ba ya nuna jan wasali, shi ya sa gashin kai da gashin nama suke fitowa iri ɗaya a takarda, alhali ba Bahaushen da zai ji ɗaya ya ɗauka ɗayan ne. Don haka "ta yi fashin kwana huɗu" Hausa ce tsantsa, ba aibu a ciki. Amma duk da haka ba zan ba ki shawarar sa ta a wannan takarda ba. Wanda ya koyi Hausa a kasuwa da bakin rediyo, fashin da ya fi sani shi ne na makami. "Ba ta zo lakwal ba" ta wadatar, kuma ba wanda zai tsaya yana juya ta.

Uzuri daga Larabci muka aro ta, kuma tana nufin dalilin da hankali ko shari'a ke karɓa, har a ɗauke wa mutum laifi. Marar lafiya mai uzuri ne a azumi, haka matafiyi. Ciwon ƴarki uzuri ne, ita ce kalmar da ta dace. Hanzari kuwa asalinta sauri, sannan ta zama abin da mutum ke kawowa don ya kare kansa ko ya soki magana. In ana zance wani ya ce "hanzari ba gudu ba", yana neman izini ne cikin ladabi ya saka baki, galibi don akwai inda bai yarda ba. In kika rubuta wa malamar ƴarki cewa kina da hanzari, kamar kin shigo da shirin gardama ne tun ba a tuhume ki ba. Ki bar wannan kalma a gida.

Yanzu ga abin da ya fi kalmomin nan uku nauyi. Harshen da mutum ke ji daban, wanda yake karantawa daban. Madam ɗin nan da Faransanci ta yi dukan karatunta, da shi take cika rajistar aji, kuma idonta da ƙa'idarsa ya saba. In ta ga "ciwo" a rubuce, abin da zai fara zo mata shi ne "siwo", domin haka harafin c yake fita a gaban i a can. "Cuta" kuma ta zama "kuta". Ga ƙ da ɗ da ɓ da ƴ masu lanƙwasa, waɗanda wataƙila ba ta taɓa zama an koya mata su ba. Wannan ba ga baƙi kaɗai ya tsaya ba. Akwai malaman lakwal da yawa haifaffun Birni da Zango, Hausa ce nonon da suka sha, amma in ka miƙa musu shafi guda da boko sai sun bi shi a hankali suna furtawa kafin ma'ana ta fito. Gaskiya ne a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, an tsai da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar a 1999, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka ba ta sake idon malami dare ɗaya. Wanda ya koyar a ajin harsuna biyu zai karanta Hausarki kamar shan ruwa. Wanda bai taɓa ba, sai kin sauƙaƙa masa.

Hanyar ganewa ba wuya. Ki buɗe kayen yarinyar ki ga da wane harshe Madam ke rubuta mata gyara da saƙon iyaye, ko ki tambayi wata uwar da ta taɓa aika mata takarda. In Faransanci ne kaɗai, ki tsara maganarki da Hausa tukuna, sannan ki nemi wani ɗan kwaleji a gida ko maƙwabta ya juya miki. Ki sa shi ya karanta miki abin da ya rubuta yana mayar da shi Hausa, jimla jimla, don yara kan ƙara nasu gishiri. Ni da zan zaɓa, sai a sa duka biyu a shafi guda, Faransanci a sama, Hausarki a ƙasa da sa hannunki. A makarantar faranko-arab kuma, in malamin Larabci ne mai ajin, Larabci ko ajami sun fi shiga idonsa.

In kuwa da Hausa za ki rubuta, a nan ne tarkon yake, kuma tarkon shi ne ladabinmu. Mu Hausawa ba mu cika kiran ciwo da sunansa ba. Muna cewa "ba ta jin daɗi". Ke da ni mun san kwance take. Baƙuwar Hausa za ta iya fahimtar cewa yarinyar ba ta jin daɗin ajin ne, wato ƙarar malama kika kawo, ga rigima ta tashi daga inda ba a zata ba. Muna cewa "jiki da sauƙi" ko da mutum ba ya iya ɗaga kai, domin ba a amsa gaisuwar marar lafiya da wata magana sai wannan. In Madam ta karanta haka ran Talata, za ta sa ran ganin yarinya ran Laraba. Muna cewa "ta kwana biyu ba lafiya" alhali mako guda muke nufi, ita kuwa za ta ƙirga ɗaya, biyu, ta yafe Litinin da Talata, sauran ta rubuta su a fashin da ba dalili. Haka in mutuwa ce ta hana yaro zuwa: "mun yi rashi" na iya zama ɓatan akuya ga wanda bai san sakayen ba. A rubuta "kakarta ta rasu".

Sai batun suna. Kin ce ƴar fari ce, na san da wuya bakinki ya kama sunanta, kuma ina jin a gida da wani laƙabi ake kiranta, Ladi ko Talatu ko makamancinsu. Takarda ba ta san kunyar ɗan fari ba. Ajin da ya cika maƙil, "ƴar wajena" ba ta nuna kowa, kuma Madam sunan rajista ta sani: sunan yanka da na uba. Ki kwafe shi daga bangon kayenta yadda aka rubuta shi a can, harafi da harafi, ko da rubutun ya saɓa wa na Hausa. In kunya ta hana ki faɗa wa mai rubuta miki, ki nuna masa da yatsa.

Kwanaki kuma a sa su da lamba. Jiya da shekaranjiya da jibi da gata suna tafiya ne da ranar da aka faɗe su, takarda kuwa tana iya kwana biyu a jakar yaro kafin ta isa. Mu ce sunan yarinyar Hadiza, abin kuma ya faru a watan Oktoba, lokacin da lakwal ke komawa sauro bai gama janyewa ba. Ga yadda zan tsara:

"Madam, ina gaishe ki. Ni ce mahaifiyar Hadiza (sai sunan uba), ta aji huɗu. Ba ta zo lakwal ba daga Litinin 20 ga Oktoba zuwa Alhamis 23 ga Oktoba, kwana 4, saboda ba ta da lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne. Mun kai ta likita ran Litinin, an gwada jininta, an ba ta magani na kwana 3, ta shanye. Ga takardar likita na haɗo. Za ta dawo ran Juma'a 24 ga Oktoba in Allah ya yarda. Ina roƙon a karɓi uzurinta, a kuma nuna mata darasin da ya wuce ta. Na gode."

Sai kwanan wata, sunanki da lambar wayarki a ƙasa. Ki lura gaisuwar layi ɗaya ce. Ina gajiya, ina ɗalibai, ina zaman garinmu, duk ki adana su sai kun haɗu. Na sa "zazzaɓin cizon sauro" a maimakon masassara don masassara na iya zama kowane zafin jiki. Takardar likitan kuma kwafinta za ki haɗa, ko ki ɗauki hotonta da waya kafin ta bar hannunki, don in ciwon ya dawo za a tambaye ki maganin da aka ba ta.

Maganar maigida kuwa, karin maganar gaskiya ce, amma a duba inda ta dosa. "Zuwa da kai ya fi saƙo" ana faɗinta ne a kan ɗan aike, wanda kan manta, ya rage, ko ya isar da magana ba da ladabin mai ita ba, da kuma al'amuran da ganin fuska ke gyarawa, irin su ta'aziyya, biko da neman alfarma. Takardar da kika sa wa hannu ba ta rage komai a hanya. Kuma tana yin abin da zuwanki ba zai yi ba: in kika tsaya bakin ƙofar aji kika yi bayani Madam na fama da yara, maganar ta bi iska, ran da darakta ya buɗe rajista ya ga kwana huɗu ba abin da za a nuna masa. Haka saƙon murya ta waya. Yana da amfani tun ranar farko, musamman ga malamar da kunnenta ya fi idonta jin Hausa, amma ba a maƙala shi a rajista. Tun da fashin ya kai kwana huɗu, ki raka yarinyar da kanki ran da za ta koma, da takardar a hannunki. Ki isa kafin a shiga aji, ki gaisa, ki miƙa, ki ɗan dakata ta karanta a gabanki, in akwai kalmar da ta tsaya mata ki warware da baki. In akwai kwampozisiyo da ya wuce ta a kwanakin nan, a nan ne za ki tambaya ko za a sake mata.